Aikatau a Gaba, Jama'a a Baya: Ƙa'idar Larabcin da Jimla Ɗaya ke Gwadawa

A takardun insha'i na ɗaliban Larabci, daga Islamiyyar unguwa har aji ɗaya na jami'a, akwai kuskure guda da jan biron malami ya fi yawan sauka a kansa. Ɗalibi yana son ya ce malamai sun fita daga masallaci, sai ya rubuta *kharajul mu'allimuna minal masjidi*. Ya duba ya ga malamai suna da yawa, don haka ya liƙa wa fi'ilin wawun jam'i. A wurinsa ya yi daidai, har ma ya nuna ya san sarfu. A wurin nahawu kuwa ya yi kuskure, domin abin da ake so shi ne *kharajal mu'allimuna*, fi'ilin a siffar mutum ɗaya, alhali masu fitar za su iya kai hamsin.

Ƙa'idar gajeriya ce. A Larabcin fusha, wato na Alƙur'ani da littattafai da jaridu da labaran rediyo, idan fi'ili ya zo kafin sunan mai aikin, to yana zama a siffar tilo ko da mai aikin mutum biyu ne ko taro guda. Abin da kawai yake dubawa shi ne jinsi, namiji ko mace. Idan kuma sunan ne ya riga zuwa, sai fi'ilin ya bi shi a komai, har da adadi. Mutane da yawa sun haddace wannan. Matsalar tana tasowa ne lokacin rubutu, inda hannu yake rigan haddar.

Dalilin da ya sa Bahaushe yake yawan faɗawa nan a fili yake. A Hausa ba mu da jimlar da aikatau yake shiga gaban mai aikin, kuma ba ma rabuwa da ɗan lamirin nan da ke tsaye tsakanin suna da aikatau. Muna cewa yaro ya fita, yarinya ta fita, yara sun fita. Ko da an ambaci yaran, dole a sake kawo "sun". Saboda haka mai tunani da Hausa yana ɗaukar "sun fita" a matsayin dunƙule guda, ya mayar da shi *kharaju*, sannan ya tuna an ce masa Larabawa sun fi son fara jimla da fi'ili, sai ya jera sunan a baya. Wanda kuma ya koyi Larabcinsa da baka, a kasuwannin Sudan ko Chadi ko a zaman Makka da Madina, yana da wani ƙarin dalili: yarukan da ake magana da su a titi galibi suna sa wa fi'ili alamar jam'i ko yana gaba ko yana baya. Kunnensa ya saba da hakan, don haka ba ya jin wani abu ya karkace.

Yadda aka saba koyar da ƙa'idar shi ne a rubuta jimla biyu a allo, ɗaya ta fara da fi'ili, ɗaya ta fara da suna. A ganina wannan yana barin ɗalibi da tunanin cewa ai nau'in jimla ne kawai ya bambanta, wannan fi'iliyya, wancan ismiyya, shi ke nan. Abin da ya fi nuna gaskiyar lamarin shi ne jimla guda mai fi'ili biyu, sunan yana zaune a tsakiyarsu:

*Kharajal mu'allimuna minal masjidi wa raja'u ilal madrasati.*

Ma'anarta, malamai sun fita daga masallaci suka koma makaranta. Mutanen da suka fita su ne dai suka koma, ba a ƙara kowa ba, ba a rage kowa ba. Amma fi'ilin farko, *kharaja*, tilo ne, na biyu kuma, *raja'u*, jam'i ne da wawunsa. Abin da ya canza tsakaninsu abu ɗaya ne: lokacin da aka furta na farko ba a riga an ambaci malaman ba, suna nan tafe; lokacin da aka furta na biyu an riga an wuce su.

Malaman nahawu suna da bayani a kan wannan, kuma bayanin yana da ma'ana. Wawun da ke ƙarshen *raja'u* a wurinsu ba ado ba ne, ba kuma alama kawai ba. Lamiri ne cikakke, wakilin suna, kuma shi ne fa'ilin wannan fi'ilin. Idan aka ce a yi i'irabin *raja'u*, za a ce fi'ili ne mali, wawun kuma shi ne fa'ili. An kawo shi ne don ya tsaya a madadin malaman, tunda ba za a sake ambaton sunansu ba. A *kharaja* kuwa fa'ilin shi ne kalmar *al-mu'allimuna* da kanta, tana biye da shi a bayyane. Idan ka ƙara wawu a nan ka ba fi'ili ɗaya fa'ili biyu, kamar a ce mai gayya yana zaune a wurin ɗaurin aure sannan a tayar da wani a ce shi ne wakilinsa. Wurin fa'ili guda ne, kuma sunan ya riga ya cika shi.

Daga nan ake samun hanyar dubawa. Ka ɗora yatsa a kan kowane fi'ili a jimlarka, ka tambayi kanka: mai wannan aikin, an ambace shi a baya, ko sunansa yana gaba? Idan yana gaba, cire wawu. Idan yana baya, sa wawu. Tambayar tana aiki ko da wasu kalmomi sun shiga tsakani. A *kharaja minal masjidil mu'allimuna* masallaci ya raba fi'ilin da mai aikin, amma har yanzu sunan yana gaba, don haka *kharaja* bai motsa ba. Haka idan masu aikin an jero su ɗaya bayan ɗaya, *kharajal mu'allimu wal mudiru wal imamu*, malami da shugaban makaranta da liman, mutum uku ke nan, fi'ilin dai tilo ne.

Yanzu a juya jimlar, a fara da sunan: *al-mu'allimuna kharaju minal masjidi wa raja'u ilal madrasati*. Duka fi'ilan biyu sun koma bayan sunan, duka sun ɗauki wawu. A nan nahawun Basra ba ya ma kiran *al-mu'allimuna* fa'ili, mubtada'i yake kiransa, fa'ilin kuma shi ne wawun da ke cikin *kharaju*. Haka abin yake idan *inna* ta shigo gaba: *innal mu'allimina kharaju*. Sunan ya riga fi'ilin, wawu ya wajaba. Ita kuwa *kana* da kanta fi'ili ce, don haka takan ba da irin jimlarmu ta gwaji ba tare da an nema ba: *kanal mu'allimuna yakhrujuna*, malamai sun kasance suna fita. *Kana* tilo, *yakhrujuna* jam'i, suna a tsakiya.

Wani zai ce to mene ne a ciki, tunda ko an sa wawun ana gane abin da ake nufi. Da fi'ili irin *kharaja* haka ne, ana ganewa, domin fita ba ta faɗawa kan kowa. Amma a ɗauki fi'ilin da ke neman maf'uli, kamar *sa'ala*, ya tambaya. *Sa'alaɗ ɗullabu* na nufin ɗalibai sun yi tambaya. Idan ka sa wawu, Balarabe mai karatu zai ɗauka wawun shi ne fa'ili, wato wasu mutane da aka ambata can baya, sunan da ya biyo kuma shi ne wanda aikin ya faɗa wa. Zai karanta *sa'aluɗ ɗullaba*, wato sun tambayi ɗalibai. Masu tambaya sun koma waɗanda ake tambaya. Kuma da yake jaridu da wasiƙu da yawancin littattafai ba sa sa wasali, babu rufu'a ko fataha a ƙarshen *ɗullab* da za ta cece ka. Siffar fi'ilin ce kaɗai ke gaya wa mai karatu wane ne ya yi wa wane. A wasiƙar neman gurbin karatu ko a fassarar takardar shari'a, irin wannan juyin ba ƙaramin abu ba ne.

Wannan kuma yana nuna iyakar gwajin. Ganin fi'ili mai wawu a gaban sunan jam'i ba shi ke nuna an yi kuskure ba. *Akramul mu'allimina*, sun girmama malamai, jimla ce lafiyayya, domin malaman ba su ne masu aikin ba. Shi ya sa tambayar take cewa "mai wannan aikin", ba kowane sunan da ido ya gani a gaba ba.

Akwai wani abin da ya sa kuskuren yake daɗewa a bakin mutum ba a kama shi ba, kuma ya shafi kunne. Idan dogon wasali ya haɗu da *al*, gajarcewa yake yi a furuci. *Kharaju* da *al-mu'allimuna* idan suka haɗu sai su zama *kharajul mu'allimuna*, wawun ya ɓace a baki. Bambancin daidai da kuskure ya rage wasali guda, *jal* da *jul*, wanda mai saurin karatu zai haɗiye shi ba wanda ya lura. A tasniya ma abin ya fi haka. Mutum biyu suna da alifinsu, *kharajaa*, amma idan ya haɗu da *al* sai ya gajarce, ya zama daidai da na tilo. Wanda ya rubuta alifin a gaban *al-mu'allimani* da wanda bai rubuta ba, furucinsu ɗaya ne sak. Sai an duba takarda ake ganin wanda ya kauce. Don haka malamin da ke gwada ɗalibansa da baka kawai zai iya shekara bai san suna da wannan ciwon ba. Gwajin na alƙalami ne: *kharajal mu'allimani wa raja'aa*, babu alifi a na farko, akwai a na biyu.

Akwai kuma kishiyar wannan, inda wawun na asali ne. Fi'ili irin *yad'u*, yana kira, ko *yarju*, yana fata, da wawu yake ƙarewa ko da mutum ɗaya ne, domin harafin yana cikin ginin kalmar. *Yad'ul mu'allimuna* daidai ne. Kuskuren da ake yi a nan na rubutu ne: a ƙara alifin nan da ake sa wa bayan wawun jam'i. Alifin na wawun jama'a ne kawai, kuma wannan wawun ba shi ba ne.

Batun jinsi shi ne inda ƙa'idar take da ɗan rassa. A mayar da jimlar ta mata: *kharajatil mu'allimatu minal masjidi wa raja'na ilal madrasati*. Fi'ilin farko ya ɗauki ta'un mace ɗaya, na biyu ya ɗauki nunun mata. Ta'un ba ya cin karo da bayanin da ya gabata, domin shi harafi ne mai nuna jinsi, ba lamiri ba ne, bai tsaya a madadin kowa ba. Nunun kuwa lamiri ne kamar wawu, shi ya sa ba shi da wuri a gaban sunan. A fi'ili mudari'i jimlar tana zama *takhrujul mu'allimatu wa yarji'na*: ta'u a farkon na gaba, ya'u a farkon na baya. Ɗalibai da yawa sukan sa ta'u a duka biyun su ce *tarji'na*, alhali wannan na matan da ake magana da su ne ido da ido, wato "kuna komawa".

Idan jam'in karyayye ne, wanda ake kira jam'ut taksiri, irin *rijal* da *ɗullab* da *ulama'u*, an yarda fi'ilin da ke gaba ya zo a namiji ko a mace. Mai cewa *ƙalal ulama'u* ya nufi taron, mai cewa *ƙalatil ulama'u* ya nufi jama'ar, duka biyun Larabci ne. Mai karatun Alƙur'ani ya sha wucewa ta kan wannan: a Suratul Hujurati aya ta 14 fi'ilin faɗa ya zo da ta'un mace a gaban sunan Larabawan ƙauye, a Suratu Yusuf aya ta 30 kuma ya zo a namiji a gaban sunan matan birni. A duka wuraren biyu fi'ilin tilo ne. Jinsi na iya lanƙwasawa, adadi dai bai motsa ba. Jam'in da ba na masu hankali ba kuwa, dabbobi da kayayyaki, an fi ɗaukarsa kamar mace ɗaya gaba da baya: *kharajatil jimalu minas suƙi wa raja'at*, raƙuma sun fita daga kasuwa suka koma. A nan jimlar gwajin ba ta nuna wani bambanci tsakanin fi'ilan biyu, don haka a riƙa gwadawa da mutane.

Duk wanda ya ɗan zauna a zauren karatu ya san abin da ɗalibi mai wayo zai ce idan aka ja masa jan biro: Malam, ai akwai lugar *akalunil baragisu*. Gaskiya ne akwai ta. Sunan yana nufin ƙuma sun cije ni, da wawun jam'i a gaban sunan, kuma da shi ake kiran wani salon magana na wasu ƙabilun Larabawa na dā. Sibawaihi, wanda ya rasu wajen shekara ta 180 bayan Hijira, ya ambace shi a *Al-Kitab* kuma ya nuna ba shi da yawa. Malaman baya sun danganta shi ga Ɗayyi'u da Azdu Shanu'a da Banul Harisi bin Ka'abu. Ibn Malik, mai *Alfiyya*, wanda ya rasu a Dimashƙa a 672 bayan Hijira, wato 1274, ya kawo ƙa'idar a babin fa'ili, sannan ya biyo da cewa akan ji saɓaninta. Shi yakan kafa hujja da hadisin mala'ikun da ke karɓa-karɓa a tsakanin mutane dare da rana, inda fi'ilin ya zo da alamar jam'i kafin a ambaci mala'ikun. Wasu malaman suka ce wannan lafazin taƙaitawa ce daga ruwaya mai tsawo wadda ta riga ta ambaci mala'ikun tun farko, don haka wawun yana da inda yake komawa.

Akwai kuma wurare biyu a Alƙur'ani da ake yawan kawowa, Suratul Anbiya'i aya ta 3 da Suratul Ma'ida aya ta 71, inda fi'ili mai wawu ya zo sannan suna ya biyo. Yawancin masu i'irabi ba su ɗora su a kan waccan luga ba. Wasu sun ce wawun yana komawa ga mutanen da aka riga aka ambata, sunan da ya biyo kuma badali ne, wato ya zo ya ƙara fayyace su wane ne. Wasu sun ce sunan mubtada'i ne da aka jinkirtar, fi'ilin da wawunsa kuma habari ne da aka gabatar. A Ma'ida ana maganar Bani Isra'ila tun kafin wurin, a Anbiya'i kuma surar ta buɗe da ambaton mutane. Ko a nan ke nan tambayarmu tana da amsa: an ambace su a baya.

Ra'ayina a kan ɗalibin nan shi ne a yaba masa sanin, amma kada a cire jan biron. Waɗancan ƙabilu suna magana ne da yarensu na gado, kuma malaman nahawu sun rubuta shi ne don amanar ilmi, don kada a ce wa baitin tsohon mawaƙi kuskure. Mai rubuta insha'i a Kano ko Damagaram ba yaren Ɗayyi'u yake koyo ba. Larabcin da zai karanta a jarida, wanda za a yi masa jarrabawa da shi, wanda zai yi huɗuba da shi, yana bin hanyar mafi rinjaye. Kuma a gaskiya wawun da ya sa daga "sun" ɗin Hausa ya fito, hujjar kuwa daga baya aka nemo ta.

Abin da nake ganin ya kamata masu koyarwa su lura da shi yana cikin *Ajurrumiyya* kanta, littafin Ibn Ajurrum na Fas, wanda ya rasu a 723 bayan Hijira, kuma wanda da shi yawancin almajiran ƙasar Hausa suke buɗe karatun nahawu. A babin fa'ili ya jero misalan mutum ɗaya da mutum biyu da jam'i, fi'ilin yana nan a siffa ɗaya bai sauya ba, amma matanin bai tsaya ya faɗi ƙa'idar da baki ba. Almajiri zai haddace jerin tsaf, ya rera shi, bai lura da abin da ke ƙarƙashinsa ba sai in malami ya nuna masa. Sannan idan aka fassara masa kowane misali, "sun" ɗin da ke cikin fassarar yana sake dasa masa tunanin jam'i. Gyaran ba ya bukatar sabon littafi. Idan aka iso wannan babin, malami ya ƙara wa kowane misali fi'ili na biyu a bayan sunan, ya sa almajiri ya rubuta, ya kuma sa shi ya faɗi inda fa'ilin kowane fi'ili yake.

Ƙa'idar tana bin fi'ilin da aka ɓoye mai aikinsa ma. *Ukrimal mu'allimuna wa shukiru*, an girmama malamai kuma an gode musu: na'ibul fa'ili yana zaune a kujerar fa'ili, don haka fi'ilin da ke gabansa tilo ne, na bayansa jam'i. Idan kuma masu aikin da aka jero sun haɗa mace da namiji, fi'ilin da ke gaba yana duba na kusa da shi ne kawai: *kharajatil ummu wal abu*, amma *kharajal abu wal ummu*. Fi'ilin da zai biyo bayansu kuwa ya haɗa su duka a tasniyar namiji, *wa raja'aa*.